Yadda ake duba rahoton nazarin alƙaluma kafin a sa masa hannu

Idan aka miƙo maka babi na huɗu na kundin ɗalibi, ko rahoton binciken da abokin aiki ya gama, aka ce ka duba, ido yakan fara sauka ne a kan layin da aka rubuta p < 0.05. Daga nan sai hankali ya kwanta, a koma gyaran waƙafi da aya. Ni shawarata ita ce ka bar wannan layin sai daga ƙarshe. Lambar p, wadda ake dubawa don a yanke ko bambancin da aka gani ya wuce na tsautsayi, tana fitowa ne daga gwajin da aka zaɓa da kuma yadda aka jera bayanai a kwamfuta, kuma SPSS, manhajar da ake lissafin da ita, ba ta ƙin umarni. Duk abin da ka zuba mata za ta lissafa ta ba ka amsa, ko da tambayar ba ta dace da bayanan ba.

Zan bi rahoto ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ni na tsara lambobinsa don misali, amma irin kurakuran da ke ciki su ne waɗanda suka fi yawan zuwa teburina. A ce ɗalibi ya binciki ko shan zoɓo marar sukari yana rage hawan jini. Ya sami mutum 20, goma suna shan zoɓo kullum na tsawon mako huɗu, goma ba sa sha. Ya auna lambar sama ta awon jini kafin a fara da bayan an gama. A wajen masu shan zoɓo ta sauka da matsakaicin maki 9, a ɗaya rukunin ta sauka da maki 5. Ya rubuta t(98) = 2.50, p = 0.014, ya kammala da cewa binciken ya tabbatar zoɓo yana maganin hawan jini. Ba zoɓo za mu yi wa hukunci ba. Tambayarmu ita ce ko wannan rahoton ya isa ya ɗauki wannan maganar.

Mataki na farko: ƙirga mutane da hannunka

Kafin ka kalli kowane jadawali, koma babin da ya bayyana yadda aka yi binciken, ka ɗauki takarda ka rubuta abu uku: mutum nawa aka ɗauka, rukuni nawa aka kasa su, sau nawa aka auna kowa. Sannan ka dawo ka gwada wannan da lambar da ke cikin baka bayan harafin t, wadda a jadawalin SPSS take ƙarƙashin `df`. A gwajin t na rukuni biyu masu zaman kansu, wannan lambar ita ce jimillar mutane a cire biyu. Mutum 20 ya kamata su ba da 18. Rahoton ya ce 98, wato kwamfuta ta ga mutum 100.

Daga ina tamanin suka fito? Idan ka karanta da kyau za ka tarar ɗalibin ya auna kowa kwana biyar a jere kafin a fara, kwana biyar bayan an gama, kuma wannan abin yabo ne, domin awon jini yana hawa yana sauka daga rana zuwa rana. Kuskuren ya shigo ne wajen shigar da bayanai: ya ba kowace rana layinta, sai mutum ɗaya ya zama mutum biyar. Gwajin t yana ɗauka cewa kowane layi shaida ne mai zaman kansa, wanda bai san abin da na kusa da shi ya faɗa ba. Amma awon Litinin da na Talata na mutum guda jini ɗaya ne, jiki ɗaya, abinci ɗaya. Kamar alƙali ne ya saurari mutum ɗaya sau biyar, ya rubuta cewa shaidu biyar sun bayyana.

Gyaran ba shi da wuya. A haɗa awon kowane mutum a fitar da matsakaici ɗaya na kafin, ɗaya na bayan, a cire wannan daga wancan, kowa ya zama layi guda. Ga abin da ke faruwa da lissafin, idan muka ɗauka warwatsuwar saukar, wato abin da SPSS ke kira `Std. Deviation`, maki 8 ce a kowane rukuni. A lissafin, n yawan layukan kowane rukuni ne, SE kuwa kuskuren awo ne:

```
n = 50:  SE = 8 × √(2/50) = 1.60   t = 4/1.60 = 2.50   p = 0.014
n = 10:  SE = 8 × √(2/10) = 3.58   t = 4/3.58 = 1.12   p = 0.28
```

Bambancin maki 4 yana nan bai motsa ba. Abin da ya canza shi ne yawan shaidun da aka yi iƙirari, kuma da aka mayar da su yadda suke, p ta tashi daga 0.014 zuwa 0.28. Na daɗe a kan wannan matakin ne domin shi ne kuskuren da ya fi ɓuya, kuma ba a fannin lafiya kaɗai yake ba. Mai binciken noma yakan zuba taki a fili ɗaya, ya auna karan masara hamsin a ciki ya ce samfurinsa hamsin ne, alhali fili ɗaya ne aka yi wa takin. Mai binciken ilimi yakan koyar da aji ɗaya da sabuwar hanya, aji ɗaya da tsohuwa, ya ƙirga ɗalibai, ya manta cewa malami da ɗakin da lokacin darasi duk sun bambanta tsakanin azuzuwan biyu. A kullum ka tambayi kanka: a kan me aka yi rabon, mutum ne, fili ne ko aji? Wannan shi ne abin ƙirgawa.

Mataki na biyu: gwajin ya dace da tambayar?

Da zarar ka nuna wa marubucin wannan, akwai amsar da za ka ji kusan ko da yaushe. Zai ce: to, Malam, bari in gwada kowane rukuni shi kaɗai, kafin da bayan. Zai koma ya danna `Paired-Samples T Test`, kuma a nan ya yi daidai wajen zaɓen gwaji, domin mutum ɗaya aka auna sau biyu. Da ya yi amfani da `Independent-Samples T Test` a kan kafin da bayan, da ka gane daga `df`: mutum goma a gwajin haɗe suna ba da 9, ba 18 ba. Sakamakon da zai kawo shi ne, masu shan zoɓo t(9) = 3.56, p = 0.006, marasa sha t(9) = 1.98, p = 0.08. Sai ya ce ga shi nan, a wajen masu sha an sami sauka mai ma'ana, a wajen marasa sha ba a samu ba, ke nan zoɓo ya yi aiki.

Wannan hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya ba. Gwaji biyu ne daban, kowanne yana amsa tambayar ko jinin wannan rukunin ya sauka. Babu wanda ya amsa tambayar binciken, wato ko ya fi sauka a wannan rukunin fiye da wancan. Wannan tambayar gwaji ɗaya ne ke amsa ta, wanda ya ɗora saukar rukunin farko a kan ta na biyu kai tsaye, kuma mun riga mun yi shi: p = 0.28.

Ka kuma tsaya a kan wancan maki 5 ɗin na marasa shan zoɓo. Me ya saukar musu da jini? Galibi ana ɗaukar mutane cikin irin wannan binciken ne saboda awonsu ya yi sama a lokacin tantancewa. A cikinsu akwai waɗanda lokacin ne kawai ya zo musu da tashin hankali, ko rashin barci, ko fargabar ganin na'ura. Idan aka sake auna su bayan wata ɗaya, matsakaicinsu zai sauko ko ba a ba su komai ba. Masana alƙaluma suna kiran wannan komawa wajen matsakaici. Saboda haka duk rahoton da ya zo maka da kafin da bayan kawai, babu rukunin kwatance, ba zai iya raba aikin magani da wannan saukar ta kanta ba, komai ƙanƙantar p ɗinsa. Ka tambayi kuma yadda aka yi rabon. Idan ƙuri'a aka jefa, madalla. Idan masu son zoɓo ne suka zaɓi kansu, mai yiwuwa su ne da ma suka fi kula da gishiri da shan magani a kan lokaci, kuma wannan dole ya fito a rahoton.

Akwai jadawali na biyu a rahoton namu. Ɗalibin ya ƙirga waɗanda lambarsu ta sama ta koma ƙasa da 140: bakwai cikin goma a masu shan zoɓo, biyu cikin goma a marasa sha. Ya yi gwajin kai-sukwaya, wanda ke kwatanta irin wannan ƙirgar tsakanin rukunai, ya sami 5.05, p = 0.025. A nan abin da za ka nema yana ƙasan jadawalin, cikin ƙananan haruffan da mutane kan yanke kafin su manna a kundi. Ka ce a kawo maka asalin abin da kwamfuta ta fitar, za ka ga:

```
2 cells (50.0%) have expected count less than 5. The minimum expected count is 4.50.
```

Kai-sukwaya kintace ne da ke aiki idan mutane suna da yawa a kowane gida na jadawalin. Ƙa'idar da aka saba bi, wadda ake dangantawa da William Cochran, ita ce kada gidajen da adadin da ake sa ran samu a cikinsu bai kai 5 ba su wuce kashi 20 cikin ɗari. A nan rabi ne. Lura cewa adadin da ake sa rai ake nufi, ba wanda aka ƙirga ba. Tunda mutum 9 cikin 20 ne suka sauko, da babu wani bambanci za a sa ran 4.5 a kowane rukuni. Abin da ya dace shi ne gwajin Fisher, wanda ke lissafa yiwuwar kai tsaye ba tare da kintace ba. SPSS tana buga shi a wannan jadawalin, a layin `Fisher's Exact Test`. Idan kana da manhajar R, layi ɗaya ne:

```
fisher.test(matrix(c(7, 2, 3, 8), nrow = 2))
```

Amsar ita ce p = 0.07. Akwai kuma wata dabara da nake so ƙwarai, domin ba ta buƙatar komai sai fensir: matsar da mutum ɗaya. Da a ce ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan awonsa ya tsaya a 141 maimakon 139, jadawalin zai zama shida da biyu, kuma ko da kai-sukwayar da ɗalibin ya yi, p za ta koma 0.068. Sakamakon da mutum ɗaya da maki biyu za su iya kifarwa bai kai a gina shawara a kansa ba.

Sauran abin dubawa a wannan matakin gajeru ne. Idan rukuni uku ne ko fiye aka yi ta gwada su bibbiyu da gwajin t, a koma ga ANOVA, gwajin da ke kwatanta su duka a lokaci guda. Idan lambobin sun karkata gefe guda, kamar kuɗin shiga ko kwanakin jinya, kuma mutanen kaɗan ne, ka nemi a zana maka kowane mutum a matsayin ɗigo a hoto, a kuma gwada da `Mann-Whitney U`. Da mutum goma, mutum ɗaya da jininsa ya faɗi da maki 30 zai iya jan matsakaicin rukuni duka, kuma hoto ne kaɗai zai nuna maka shi.

Mataki na uku: me mutum goma za su iya gani?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gwajin t haramun ne idan samfuri bai kai 30 ba. Ba haka ba ne. William Gosset, wanda ya wallafa tushen gwajin a 1908 da sunan aro na Student yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, saboda ƙananan samfura ya ƙirƙiro shi. Matsalar ƙaramin samfuri ba ta halaccin gwaji ba ce. Matsalar ita ce amsar da yake bayarwa tana da faɗi sosai, kuma p tana ɓoye wannan faɗin.

Don haka ka nemi tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake kyautata zaton ainihin bambancin yana tsakaninsu, wadda ke jadawalin SPSS ƙarƙashin `95% Confidence Interval of the Difference`. Idan ba a kawo ba, lissafa da kanka: bambancin, a ƙara a kuma rage kuskuren awo sau 2.10, wanda shi ne ma'aunin t idan `df` 18 ce. Wato 4 ± 7.5, daga −3.5 zuwa 11.5. Karanta wannan da baki, ka ji yadda yake. Bayanan sun dace da cewa zoɓo yana rage jini da maki 11, abin da kowane likita zai ɗauka da muhimmanci. Sun dace da cewa ba ya yin komai. Sun ma dace da cewa marasa sha sun ɗan fi samun sauƙi. Binciken bai raba gardama ba.

Wannan yana da fuska biyu, kuma dole ka tsare marubucin daga dukansu. Bayan ka rushe masa p = 0.014, zai iya juyawa ya rubuta cewa binciken ya nuna zoɓo ba shi da wani tasiri. Wannan ma wuce gona da iri ne. Rashin ganin abu da fitila mai rauni ba ya nufin abin ba ya nan. Ga yadda za ka nuna masa raunin fitilar. A ce tun kafin a fara an yarda cewa bambancin maki 4 shi ne mafi ƙanƙantar abin da ya cancanci a gano:

```
power.t.test(delta = 4, sd = 8, power = 0.80)
```

R za ta ce ana buƙatar mutum 64 a kowane rukuni, 128 ke nan gaba ɗaya, don a sami damar kashi 80 cikin ɗari ta gano bambancin idan yana nan. Da mutum goma-goma damar ba ta kai kashi 20 ba. Ko da zoɓo yana aiki daidai yadda ake fata, a cikin irin wannan binciken guda biyar, huɗu za su dawo hannu wofi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Da mutum goma a rukuni, sai bambancin da aka gani ya haura maki 7.5 kafin p ta sauka ƙasa da 0.05. Idan gaskiyar tasirin maki 4 ne, to duk lokacin da irin wannan ƙaramin binciken ya ci sa'a ya tsallake, adadin da zai bayar ya kusa ninka gaskiya. Saboda haka idan ka ga ƙaramin samfuri da babban tasiri, kada girman tasirin ya kwantar maka da hankali. Girman nasa ma dalili ne na a sake gwadawa da mutane masu yawa.

Mataki na huɗu: gwaji nawa aka yi, nawa aka nuna?

Koma takardar tattara bayanai da ke manne a ƙarshen kundin ka ƙirga abubuwan da aka auna. A rahoton namu sha biyu ne: lambar sama, lambar ƙasa, bugun zuciya, nauyi, sukarin jini, barci, ciwon kai da sauransu. Idan babu wani tasiri ko kaɗan, kowane gwaji yana da damar kashi 5 cikin ɗari ta ba da p ƙasa da 0.05 bisa tsautsayi. Idan gwaje-gwajen sha biyu ne kuma ba su da alaƙa da juna, damar a sami aƙalla ɗaya ita ce 1 − 0.95^12, kusan kashi 46 cikin ɗari. Idan aka ƙara da raba maza da mata, manya da matasa, sai ta ƙara hawa.

Tambayar da za ka yi ita ce wane sakamako ne aka ayyana a matsayin babban abin nema tun a takardar neman amincewa, kafin a ga bayanai. Shi ne zai hau kan gaba, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Sauran a kawo su duka a jadawali ɗaya, a faɗi cewa na share fage ne. Idan marubucin ya dage sai ya yi hukunci a kan kowanne, gyaran Bonferroni shi ne mafi sauƙi: a raba 0.05 gida sha biyu, iyakar ta zama 0.004. Yana da tsauri, amma kowa zai iya bin lissafinsa.

Mataki na ƙarshe: kalmomin kammalawa

Yanzu ne za ka karanta taƙaitawa da kammalawa, da jan biro a hannu. Ja layi a ƙarƙashin kowace aikatau mai nauyi: ya tabbatar, ya nuna ƙarara, yana magani, yana haddasa. Kowace ɗaya ka nemo jadawalin da ke ɗauke da ita. Ka lura da jimlar da ke cewa p = 0.014 na nufin akwai tabbacin kashi 98.6 cewa hasashen gaskiya ne. Ba abin da p ke faɗa ba ke nan. Abin da take faɗa shi ne, da a ce babu bambanci ko kaɗan kuma sharuɗɗan gwajin sun cika, sau nawa za a ga tazara mai girman wannan ko fiye. Ƙungiyar masana alƙaluma ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kan wannan, cewa p ba ta auna yiwuwar gaskiyar hasashe, ba ta kuma auna girman tasiri ko muhimmancinsa. Idan ka ga an kwafo `.000` daga SPSS an rubuta p = 0.000, a gyara zuwa p < 0.001, domin kwamfuta ta yanke lambar ne a gida uku. Sannan ka duba su wa aka ce sakamakon ya shafa. Mutum 20 daga asibiti ɗaya ba su ne masu hawan jini na jiha ba. A rahoto irin wannan kuwa kalma tana iya kaiwa ga rai, domin wani zai karanta cewa zoɓo magani ne ya ajiye ƙwayoyin da likita ya rubuta masa.

Idan ka zo rubuta wa marubucin, fara da kuskuren da ke canza sakamako, ka bar na rubutu zuwa ƙasa. Kowane ɗaya ka ambaci shafi da jadawali, ka faɗi abin da ka gani, dalilin da ya sa matsala ce, da abin da za a yi. Maimakon ka rubuta cewa nazarin ba daidai ba ne, rubuta: a jadawali na 3 `df` ta nuna 98 alhali mahalarta 20 ne, da alama an shigar da awon kowace rana a matsayin mutum, a fitar da matsakaicin kowane mutum a sake gwajin. Yawancin masu yin waɗannan kurakuran ba ha'inci suka nufa ba. An koya musu cewa kundin da bai yi watsi da hasashen babu-bambanci ba ya faɗi, don haka ka gaya masa a fili cewa aikinsa na tattara bayanai yana nan da darajarsa, kuma warwatsuwar maki 8 da ya gano ita ce abin da mai bincike na gaba zai yi lissafin yawan mutanensa da ita.

Ni nakan rubuta masa jimlar da bayanansa za su iya ɗauka, don ya ga yadda take. A wannan rahoton za ta zama haka: A cikin mutum 20 da aka bi na mako huɗu, lambar sama ta awon jini ta sauka da matsakaicin maki 9 a masu shan zoɓo da maki 5 a marasa sha. Bambancin maki 4 ne, tazarar amincewa ta kashi 95 daga −3.5 zuwa 11.5, p = 0.28. Wannan adadin mahalarta bai isa a tabbatar da tasiri ko a kore shi ba, kuma gano bambancin maki 4 zai buƙaci kimanin mutum 64 a kowane rukuni.